Yadda Ake Rubuta Takardar Gargaɗi Ga Ma'aikaci Mai Yawan Makara Ba Tare Da An Taka Doka Ba

Takardar gargaɗi ba ta da wuyar rubutawa, shafi ɗaya ce. Abin da ke da wuya shi ne aikin da ake yi kafin a ɗauki biro. Na daɗe ina kula da harkar ma'aikata a ƙananan wuraren sana'a a nan Accra, kuma takardun da na ga sun rushe in an kai ƙara, ba Turancinsu ne ya kasa ba. Ko dai babu rijistar da za ta goyi bayansu, ko kuma ba a saurari mutumin ba kafin a yanke masa hukunci.

Zan bi da kai ta misali guda daga farko har ƙarshe. A ce kana da ƙaramar maɗaba'a a New Town, ma'aikata takwas, ana buɗewa ƙarfe 8:00 na safe, Litinin zuwa Juma'a. Mai tuƙa injin bugawa, mu kira shi Malam Wane, ya shekara biyu a wurin, hannunsa yana da kyau, amma 'yan watannin nan ba ya zuwa a kan lokaci. In bai zo ba inji ba ya tashi, mai yanka takarda da mai ɗinke littafi sai su zauna suna kallon titi.

Abin da za ka tanada

Da farko takardar ɗaukar aikinsa, ko duk wata takarda da ta nuna lokacin shiga da tashi. Sai littafin rijistar zuwa aiki, ko bayanan na'urar dangwala yatsa in kana da ita. Sai ƙa'idojin wurin aikin in a rubuce suke, da yarjejeniyar ƙungiya in ma'aikatanka 'yan ƙungiyar ƙwadago ne. Sai fayil ɗinsa, don ka ga abin da aka taɓa yi masa a baya. Kana kuma bukatar mutum ɗaya mai hankali da zai zauna a matsayin shaida, da takarda mai tambarin wurin aikin, da kwafin Dokar Ƙwadago ta Ghana ta 2003, mai lamba 651.

Ba sai ka haddace dokar ba, sassa kaɗan ne suka shafe ka. Sashe na 11 ya ɗora wa ma'aikaci nauyin zuwa aiki kullum kuma a kan lokaci. Sashe na 8 ya ba mai aiki ikon ladabtarwa, na 9 kuma ya ɗora masa nauyin samar da tsarin ladabtarwa mai kyau da tabbatar da ana bin sa. Wanda ya fi kowanne nauyi shi ne na 63: in ka sallami mutum ya kai ƙara, kai ne za ka kawo hujjar cewa dalilinka na adalci ne, kuma ka bi hanya ta adalci. Ba shi ne zai tabbatar da cewa an zalunce shi ba. Don wannan ranar ake ajiye takardar gargaɗi, ko da kana fatan ranar ba za ta zo ba.

1. Tabbatar akwai ƙa'idar da ya karya

Kafin ka ce mutum ya makara, sai an san ƙarfe nawa ya kamata ya zo, kuma an san ya sani. A wurare da dama a Nima da Mamobi da baki ake ɗaukar aiki, a ce wa mutum "ka riƙa zuwa da sassafe". To sassafen maigida daban, na yaro daban. Sashe na 12 ya ce aikin da zai kai wata shida ko fiye sai an yi yarjejeniyarsa a rubuce, sashe na 13 kuma ya ce a ba ma'aikaci muhimman sharuɗɗan aikinsa a rubuce cikin wata biyu da farawa.

In ba ka da komai a rubuce, kada ka fara da gargaɗi. Rubuta sanarwa ta layi huɗu ko biyar ga dukkan ma'aikata: lokacin shiga, lokacin tashi, rangwamen mintuna nawa ake yi, da wanda za a kira in wani abu ya tsare mutum. Kowa ya sa hannu da kwanan wata, ka liƙa kwafi kusa da rijista. Daga wannan ranar kake fara ƙirga. Makarar da aka yi kafin nan ta wuce, kada ka tono ta.

A maɗaba'ar misalinmu takardar ɗaukar aiki ta ce 8:00, akwai kuma rangwamen minti goma da kowa ya sani. Wanda ya shigo 8:08 bai makara ba. Wanda ya shigo 8:11 ya makara, kuma daga 8:00 ake ƙirga masa.

2. Tara ranaku da mintuna

"Kullum kana makara" ba hujja ba ce. Ranar farko da ya nuna ya zo a kan lokaci, kalmar "kullum" ta faɗi, sauran maganarka ma ta bi ta. Abin da ake so shi ne rana da lokaci. Daga 1 zuwa 21 ga Oktoba, ranakun aiki goma sha biyar, rijista ta nuna Malam Wane ya makara sau shida: Litinin 6 ga wata ya zo 8:35, Laraba 8 ga wata 8:25, Litinin 13 ga wata 8:50, Alhamis 16 ga wata 8:20, Litinin 20 ga wata 9:05, Talata 21 ga wata 8:30. In ka haɗa, minti 225 ke nan, wato awa uku da minti arba'in da biyar.

Da ka jera su haka za ka ga abin da ido bai gani ba da: uku daga cikin shidan ranar Litinin ne, kuma su ne mafi tsawo. Riƙe wannan, zai yi amfani a zaman sauraro.

Littafin rijista yana da cuta guda da kowa ya sani. Mutum ya zo tara saura, ya rubuta 7:58, ko abokinsa ya sa masa hannu. Maganinta shi ne agogon bango ɗaya da kowa ya yarda da shi, da jan layi. Ƙarfe 8:10 daidai mai kula da rijista ya ja layi da jan biro a ƙarƙashin sunan ƙarshe, ya sa hannu. Duk wanda sunansa ya faɗo ƙasan layin ya makara, babu gardama. In ba ka da rijista kwata-kwata, sayi littafi mai kauri na 'yan makaranta ka sa wa shafukansa lamba, ka ba shi mako uku ko huɗu yana aiki kafin ka dogara da shi. Hoton kyamarar tsaro yana taimakawa, amma duba agogonta tukuna, don sau da yawa bayan ɗaukewar wuta ba ya komawa daidai.

Sai abin da masu gida ba sa son ji. Duba layin sauran ma'aikata a wannan makonnin. In ɗan yayarka da ke kan kanta ya makara sau biyar ba a ce masa uffan ba, takardar da za ka ba Malam Wane ta zama son kai, kuma rijistar da ka kawo hujja ita ce za ta ba da shaida a kanka. Ko a ladabtar da su duka daidai gwargwado, ko a dakata.

3. Jan kunne na baki, amma a rubuta shi

Dokar ba ta faɗi adadin gargaɗin da za a yi kafin sallama ba. Wannan yana fitowa ne daga takardar ɗaukar aiki, ko ƙa'idojin wurin, ko yarjejeniyar ƙungiya. In naka tsarin ya ce baki, sannan takarda ta farko, sannan ta ƙarshe, to ka ɗaure kanka da shi, ba ka da ikon tsallake ɗaya don ranka ya ɓaci. In ba ka da tsari, wannan jerin shi ne aka saba bi, kuma shi nake ba da shawara.

Jan kunne na baki a keɓe ake yin sa, ba a gaban abokan ciniki ba. Bayan an gama ka rubuta layi uku a fayil: ranar, abin da aka faɗa, abin da ya amsa. A misalinmu an yi wannan tun 17 ga Satumba, ya ce zai gyara.

4. Ba shi kweri

Kweri, wato takardar neman bahasi, ita ce ke raba tsarin adalci da hukuncin son rai. Tambaya ce, ba hukunci ba. Tana faɗa wa mutum abin da ake zarginsa da shi dalla-dalla, ta ba shi lokacin amsa. Awa 48 aka saba bayarwa a kan abu irin wannan. Ga yadda za ta kasance:

"Zuwa ga Malam Wane, mai tuƙa injin bugawa. 22 ga Oktoba. Rijistar zuwa aiki ta nuna ka iso bayan ƙarfe 8:10 a ranaku shida da ke jere a ƙasa, alhali lokacin fara aiki 8:00 ne kamar yadda yake a takardar ɗaukarka aiki. An yi maka magana a kan haka ranar 17 ga Satumba. Ka kawo bayaninka a rubuce kafin ƙarfe 5:00 na yammacin Juma'a 24 ga Oktoba, tare da duk wata takardar da kake so a duba. Ba a yanke wata shawara ba tukuna, sai an ji ta bakinka."

Sai ka jera ranakun shida da lokutansu a ƙasa.

Kuskuren da ya fi yawa shi ne a haɗa kweri da gargaɗi a takarda ɗaya, ko a ba shi su biyun rana ɗaya. Duk wanda ya duba kwanan watan zai gane an riga an yanke hukunci, tambayar ta ado ce. Haka nan kada ka cusa wasu laifuka a ciki, irin su ya ɓata takarda a watan jiya ko ya ɗaga wa wani murya. Magana ɗaya, takarda ɗaya.

Yawancin takardun aiki a Ghana da Turanci ake rubuta su, kuma in za a kai ƙara shi za a fi karantawa. Amma ba kowane ƙwararren mai inji ne ke karanta Turancin ofis ba, wasu 'yan Zango ma Hausar baki gare su, ba ta boko ba. Rubuta da Turanci mai sauƙi, a karanta masa a fassara da Hausa ko Tuwi a gaban shaida, sannan a rubuta a ƙasan takardar cewa an karanta masa da harshe kaza ya ce ya fahimta. In ba ya iya rubuta amsa, ya zaɓi wanda zai rubuta masa da kansa, ko ya faɗa da baki a rubuta, a karanta masa, ya dangwala. Kada kai mai tuhuma ka zama mai rubuta masa amsa.

5. Zaman sauraro

Amsar da ake samu a takarda yawanci gajera ce: "A yi haƙuri, cunkoso ne." Shi ya sa zama yake da amfani. Sanar da shi rana da lokaci tun kwana ɗaya ko biyu kafin nan, ka gaya masa zai iya zuwa da abokin aiki, ko wakilin ƙungiya in yana ciki. In da hali, wanda ya kawo ƙorafin kada ya zama shi ne zai yanke hukunci. A wurin mutum takwas wannan ba ya samuwa kullum, to aƙalla a samu mutum na uku da zai riƙa rubuta abin da aka faɗa.

Buɗe rijistar a gabansa, ku bi ranakun ɗaya bayan ɗaya. Yi tambaya, ka yi shiru. Maganar za ta iya tafiya haka:

"Malam, ga littafin nan. Litinin uku a jere, kuma su ne suka fi tsawo. Me ke faruwa ranar Litinin?"

"Alhaji, tun bayan Sallah na koma Kasuwa da iyali, kuɗin ɗaki a Mamobi ya fi ƙarfina. Ni ke kai yara makaranta kafin in hau tirotiro. Ranar Litinin kuwa, daga Weija zuwa mahaɗar Malam, sai dai addu'a."

"To ranar Alhamis 16 ga wata fa?"

"Ƙaramar ce ta kwana da zazzaɓi, na kai ta asibiti. Na kira manaja tun bakwai da rabi. Ga katin."

Kasuwa ɗin nan ita ce Kasoa, garin da ke yammacin Accra, kuma duk wanda ya taɓa bin hanyar da safe ya san bai yi ƙarya ba. Amma a nan ne ake bukatar rarrabewa. Ranar asibiti uzuri ce: abu ne da ya faɗo ba zato, ya kira, ya kawo shaida. Kira manajan ka tabbatar, in haka ne ka cire ranar daga lissafi. Cunkoson Litinin kuwa ba ba-zata ba ne, kowane mako yana nan. Abin da ke faruwa kowace Litinin shiri yake bukata, ba haƙuri ba. Saura rana biyar ke nan, minti 205, awa uku da minti ashirin da biyar.

Cire wannan rana ɗaya ba rauni ba ne. Ita ce hujjarka mafi ƙarfi cewa da gaske ka saurara.

Akwai amsoshin da in ka ji su sai ka ajiye biro, don maganar ta tashi daga ladabtarwa. In mace ce mai juna biyu, ko mai shayarwa, sashe na 57 ya ba mai shayarwa awa ɗaya a cikin lokacin aiki don ta shayar da jaririnta, kuma sau da yawa zama a tsara inda awar za ta faɗo shi ke kashe matsalar. In rashin lafiya ce da likita ya tabbatar, ko naƙasa, sashe na 63 ya lissafa juna biyu da naƙasa da rashin lafiya na ɗan lokaci mai shaidar likita cikin dalilan da in aka sallami mutum a kansu an zalunce shi. Haka shiga ƙungiyar ƙwadago. In makarar tasa ta fara damunka ne mako guda bayan ya fara tara 'yan uwansa a kan maganar albashi, ka binciki zuciyarka tukuna, don wanda zai duba ƙarar ma zai lura da kwanan watan.

Duba naka ɓangaren kuma. Sashe na 33 ya sa iyakar aiki awa takwas a rana ko arba'in a mako. In lokacin buga fastocin biki ko kalandar ƙarshen shekara ka tsare shi har goma na dare, washegari ya zo tara saura, takardar gargaɗi ba ta dace da wannan ranar ba.

Kada ka faɗi hukunci a wurin zaman. Ka ce za ka duba, ka kwana a kai.

6. Zaɓi abin da ya dace

Hanya uku ce a gabanka: a bar maganar, a gyara tsari, ko a ba da takarda. Ana iya haɗa biyun ƙarshe. A misalinmu an riga an ja kunne da baki, abin ya ci gaba har sau biyar, aiki kuma yana tsayawa, saboda haka takardar gargaɗi ta farko ta dace. Amma in inji zai iya tashi 8:30 ranar Litinin ya tashi aiki 5:30 ba tare da an cutar da kowa ba, ba shi wannan a rubuce. Mai inji mai kyau ba a samun sa a bakin titi, kuma gargaɗin da ya zo da mafita ya fi kamawa. In ba zai yiwu ba, ka faɗa masa dalili.

Abin da ba ya cikin zaɓi shi ne tara. Al'adar "duk wanda ya makara a cire masa sidi ashirin" ta bazu a shaguna da wuraren ɗinki, har ana ganin ita ce doka. Sashe na 69 ya hana mai aiki ɗora wa ma'aikaci tarar kuɗi a kan kowane irin dalili, ya kuma hana cire komai daga albashi sai abin da sashe na 70 ko wata doka ta halatta, ko biyan bashin albashin da aka ba shi tun da wuri. Kada kalmar cire kuɗi ta shiga takardarka ko da a matsayin barazana. In kana tunanin kada ka biya awannin da bai yi aiki ba, je wurin jami'in ƙwadago na yankinku ka tambaya kafin ka taɓa ko kwabo.

7. Rubuta takardar

Shafi ɗaya, harshe mai sanyi, babu zagi, babu wa'azi. Ga ta Malam Wane:

"29 ga Oktoba

Zuwa ga Malam Wane, mai tuƙa injin bugawa

GARGAƊI NA FARKO A RUBUCE: MAKARA WAJEN ZUWA AIKI

Wannan takarda ta biyo bayan kwerin da aka ba ka ranar 22 ga Oktoba, da amsarka ta 24 ga wata, da zaman da aka yi ranar 27 ga wata a gaban abokin aikin da ka zaɓa.

Lokacin fara aikinka ƙarfe 8:00 na safe ne. Rijista ta nuna ka iso 8:35 ranar 6 ga Oktoba, 8:25 ranar 8, 8:50 ranar 13, 9:05 ranar 20, da 8:30 ranar 21. Ka amince da waɗannan lokuta. A waɗannan ranaku injin bugawa bai tashi a kan lokaci ba, aikin yanka da ɗinki ya tsaya. An riga an ja kunnenka da baki ranar 17 ga Satumba.

Mun karɓi uzurinka na ranar 16 ga Oktoba, mun cire ta daga lissafi. Mun kuma duba bayaninka na nisan gida da cunkoson hanya. Ba mu ɗauke shi uzuri ba, domin abu ne da aka sani kullum, ana iya yin shiri dominsa.

Daga Litinin 3 ga Nuwamba, lokacinka na ranar Litinin zai koma 8:30 zuwa 5:30. Sauran ranaku yana nan 8:00. In wani abu na gaggawa ya tsare ka, ka kira manaja kafin lokacin fara aiki.

Za mu zauna mu duba rijista tare ranar 26 ga Nuwamba. Wannan gargaɗi zai yi aiki na wata shida daga yau. In makara ba tare da uzuri ba ta ci gaba a cikin wannan lokaci, za a iya ɗaukar mataki na gaba, wanda ya haɗa da gargaɗi na ƙarshe, kuma zai iya kaiwa ga rabuwa da aiki.

In ba ka gamsu ba, kana da ranakun aiki biyar ka rubuta wa mai maɗaba'a a sake dubawa."

Sai sa hannun mai bayarwa da muƙaminsa, da wuri a ƙasa mai cewa: "Na karɓi kwafin wannan takarda. Sa hannuna shaidar karɓa ce, ba lallai ta yarda ba."

Wa'adin wata shida na gargaɗin da na kwana biyar na neman a sake dubawa ba daga doka suka fito ba, abin da aka saba ne. In ƙa'idojinka sun faɗi wani adadi, shi za ka sa. Abin da ba a so shi ne takarda marar wa'adi, wadda za a zaro bayan shekara huɗu a ce ai an taɓa yi maka gargaɗi.

Lura da "za a iya". Masu gida suna son rubuta "in ka sake, ka kori kanka". Wannan yana ɗaure ka ta gefe biyu. In ya makara da minti goma sha biyu ka ƙyale shi, takardarka ta zama wasa. In ka kore shi nan take, ka yanke hukunci kafin ka ji dalili. Haka kuma ka guji siffanta halinsa, irin "malalaci" ko "marar kishin aiki". Ba ka da rijistar lalaci, ta lokaci gare ka.

8. Miƙa ta

Hannu da hannu, a ofis, ƙofa a rufe, shaida ɗaya. Kwafi biyu: ɗaya nasa, ɗaya na fayil mai sa hannunsa. In ya ƙi sa hannu, kada ka yi jayayya kuma kada ka mai da ƙin wani sabon laifi. Rubuta a kan kwafin fayil cewa an miƙa masa ranar kaza ƙarfe kaza, ya ƙi sa hannu, shaidan ya sa nasa. In ba ya nan, tura hoton takardar ta WhatsApp zuwa lambarsa shi kaɗai, ka adana hoton allon, sannan ka ba shi ta hannu ranar da ya dawo. Kada ta shiga zauren ma'aikata, kada a liƙa ta a bango.

A Zango akwai matakin da babu shi a littafin doka. Da yamma kawunsa ko limamin unguwarsu zai iya sallama a ƙofar gidanka ya ce a yi haƙuri, musamman in ta hannunsa aka kawo yaron. Karɓe shi da girmamawa, ka gaya masa ba kora ba ce, gyara ake nema, har ka roƙe shi ya taya ka yi masa magana. Amma kada ka yaga takardar don kunya, kuma kada ka buɗe masa fayil. In ka janye wa mai kawu, gobe marar kawu zai tambaye ka dalili.

9. Bayan takarda

Ranar 26 ga Nuwamba ka cika alkawarin zaman, ko da komai ya daidaita. In ya gyara, rubuta layi biyu ka faɗi haka, ka sa a fayil. In wata shida suka cika lafiya, gargaɗin ya mutu, makarar da za ta zo daga baya daga farko za a fara mata.

In bai gyara ba, ba a tsalle. Sabon lissafin ranaku, sabon kweri, sabon zama, sannan gargaɗi na ƙarshe. In har ta kai ga rabuwa, sashe na 17 ya tsara wa'adin sanarwa: wata ɗaya ko kuɗinsa ga yarjejeniyar shekara uku ko fiye, mako biyu ko kuɗinsu ga wadda ba ta kai shekara uku ba, kwana bakwai ga ta mako-mako. In takardar ɗaukar aikinsa ta ba shi fiye da haka, ba shi abin da ta faɗa. Korar nan take ba tare da sanarwa ba ta manyan laifuka ce irin sata, ban ba ka shawarar gwada ta a kan makara ba. A biya shi albashin da ya yi wa aiki da kuɗin hutun da bai ci ba.

Ma'aikacin da ya ga an zalunce shi yana da damar kai kuka Hukumar Ƙwadago ta Ƙasa, wadda aka fi sani da NLC. A ƙarƙashin sashe na 64, in ta samu sallamar ba ta adalci ba ce, tana iya ba da umarnin a mai da shi aikinsa, ko a ba shi makamancinsa, ko a biya shi diyya. Sashe na 66 ya cire masu gwajin aiki da 'yan aikin rana da masu kwantiragin ƙayyadadden lokaci daga wannan ɓangaren dokar, amma mutum irin Malam Wane mai shekara biyu a aiki na dindindin yana ciki sosai.

In takardar gayyata ta zo daga hukumar, abin da za ka ɗauka shi ne fayil ɗin a jere bisa kwanan wata: takardar ɗaukar aiki, hoton shafukan rijista, bayanin jan kunne na 17 ga Satumba, kweri, amsarsa, rubutun zaman sauraro mai sa hannun waɗanda suka halarta, takardar gargaɗi mai shaidar karɓa, da bayanin zaman 26 ga Nuwamba. Asalin littafin rijistar ma ka tafi da shi, kada ka dogara da hoto kawai, don za a iya neman ganin layin sauran ma'aikata a waɗannan ranakun.